Hanyoyi Uku na Ƙera Kubit

Kubit shi ne tubalin kwamfutar kwantum, kuma matsalarsa saurin mantuwa: ɗan zafi ko girgiza sai lissafi ya rushe.

Google da IBM suna ƙera nasu da ƙananan da'irorin lantarki marasa turjiya. Suna da sauri ƙwarai, amma abin da suka riƙe yakan ɓace kafin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Sai an sanyaya su fiye da sararin samaniya, kuma kowane kubit da wayoyinsa. Na'urar Google ta 2019 kubit 53 ta yi aiki da su. Wayoyin kubit miliyan kuwa ba firjin da zai ɗauka.

IonQ da Quantinuum atam masu caji suke ratayewa a filin lantarki. Atam ɗin duk iri ɗaya ne, suna riƙe bayani na daƙiƙoƙi, kuskurensu kaɗan. Aibinsu nawa, kuma idan jerin ya yi tsawo sarrafa shi yakan gagara, sai an raba shi rukuni-rukuni.

PsiQuantum ƙwayoyin haske ya zaɓa. Suna tafiya nesa cikin zaren gilashi, sai dai ba sa taɓa juna da sauƙi, kuma wadda ta salwanta a hanya ta tafi da bayaninta.