Ko Kun Sani? Tsuntsun Da Ba Shi Da Uwa

Labarin Finiks, tsuntsun da ake cewa yana ƙonewa ya sake tashi daga tokarsa, da farko babu wuta a cikinsa. Masanin tarihin nan na Girka, Herodotus, ya ji shi ne daga bakin mutanen Heliyopolis ta ƙasar Masar. Suka ce duk bayan shekara 500 tsuntsun yakan taso daga ƙasar Larabawa, gashinsa ja da ruwan zinare, girmansa kamar na gaggafa. Yakan mulmula ƙaron mur kamar ƙwai, ya rarake cikinsa, ya sa gawar ubansa ya liƙe, sannan ya kai ta haikalin rana ya binne. Herodotus ya ce hotonsa kawai ya gani, kuma bai gaskata labarin ba. Zancen wuta da toka sai daga baya ya shigo.