Janareta na ruri, kai kana ɗaukar murya

Wata ƙanwata mai koyar da girki a waya ta kawo mini kuka. Ta sayi ɗan makirufo na maƙalawa a riga, amma duk abin da ta ɗauka sai ka ji janaretan maƙwabta ya fi ta baki. Da na je, na tarar ta ajiye shi a kan tebur, mita guda daga bakinta, wai kada ya ɓata mata hoto.

A nan gizo ke saƙa. Makirufo bai san murya ba, bai san hayaniya ba, wanda ya fi ƙarfi a wurinsa shi yake ɗauka. Duk lokacin da ka rage tazarar da ke tsakaninsa da bakinka da rabi, muryarka takan ƙaru da kusan desibel 6, janareta kuwa yana nan yadda yake. Muka ɗauko shi daga mita guda muka maƙala a ƙirji, santimita 25 daga baki, wato kamar taƙi ɗaya. Rabi sau biyu ke nan, ribar desibel 12 ba a kashe ko kwabo ba. Sai dai a kula kada mayafi ya riƙa gogarsa, kuma kada a kai shi saitin leɓe, don iskar "f" da "b" za ta riƙa bugunsa.

Saura amsa-kuwwa. Na ce ta tafa sau ɗaya. Ɗakin tayil ne, bango fayau, sai tafin ya ja wutsiya. Muka jingina katifa a bayanta, muka rataya bargo a bangon da take fuskanta, muka shimfiɗa darduma. Ta sake tafawa, ƙarar ta mutu nan take.

"Yaya, ai da kiret ɗin ƙwai na yi niyyar mannawa," in ji ta. Na ce ta huta, bai da kaurin da zai hana ƙara shigowa. Ita kanta katifar kuwwar cikin ɗaki kawai take shanyewa, ba ta tare rurin inji. Shi maganinsa a rufe taga, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma, in ya ƙi a koma ɗakin da ke nesa da shi. Fanka ma dole a kashe ta, a daure wa zafi na minti goma. A zare caja, don wani lokaci ita ke kawo ƙugi a cikin sauti.

A titi kuwa, ka juya wa masu A Daidaita Sahu baya, jikinka ya zama katanga, ka sa wa makirufon hular soso saboda iska. In manhajarka tana nuna ma'aunin sauti, bar shi yana wasa wajen -12 dB. Da ya taɓa 0, muryar ta fashe, gyaranta kuma sai an sha wuya.

Kafin ta fara darasin, ta ɗauki daƙiƙa 20 ta saurara da iyafis. Janaretan yana nan, amma can ƙasa-ƙasa, kamar daga wata unguwa.