Minti Guda da Kofi a Hannu: Jawabin Ban Kwana da Turanci a Wajen Aiki

A ofisoshin Birtaniya, idan ma'aikaci zai bar aiki, abokan aikinsa kan yi masa ɗan taron ban kwana, galibi da yammacin ranarsa ta ƙarshe. Kafin ranar an riga an zagaya da kati kowa ya sa hannu, an kuma yi karo-karo an sayi kyauta. Ana iya yin taron cikin ofis da shayi da kek, ko a fita mashaya bayan an tashi. Tsakiyar taron wani zai miƙe, yawanci shugaban sashe ko aboki na kusa, ya faɗi 'yan kalmomi, ya ce a ɗaga kofuna, a ambaci sunan mai tafiya, kowa ya kurɓa. Wannan gajeren jawabi shi ne Turawa ke kira tos.

Gajartarsa ita ce ƙa'idarsa ta farko. Mai magana da Turanci a natse yakan furta kalmomi 120 zuwa 150 a minti, kuma abin da ake bukata bai wuce haka da yawa ba. Dalilin a fili yake: mutane a tsaye suke, kofi a hannu, ba a ba kowa kujera ba. Da zarar an haura minti biyu za a ga hannuwa sun fara sauka, wani ya kurɓa tun ba a ce a sha ba, wani ya leƙa wayarsa. Mai jawabin da ya ga haka, to ya san ya zarce.

Nan ne wanda ya saba da taron ban kwana irin na ma'aikatun Najeriya kan yi tuntuɓe. A gida akwai babban teburi da shugaban taro, ana gaida manya ɗaya bayan ɗaya da muƙamansu, a karanta tarihin mai tafiya tun daga firamare. A ofishin Landan ko Manchester babu wannan. Ana kiran kowa da sunansa na yanka, har shugaba, kuma jero muƙamai sai ya sa a zaci raha ake yi. Buɗewar ba ta wuce jimla ɗaya: a ɗan ƙwanƙwasa kofi da cokali, a nemi a saurara na minti guda, sai a shiga magana.

Cikin jawabin labari ɗaya ne tak, kuma nan ne aikin yake. A ɗauki misalin wata akanta da ta yi shekara shida a sashen kuɗi, za ta koma wani kamfani. Mai jawabin da bai shirya ba zai ce tana da ƙwazo, tana da kirki, tana da haƙuri. Duk gaskiya ne, amma da za a cire sunanta a sa na maƙwabcinta, ba wanda zai lura. Wanda ya shirya zai nemo rana guda da kowa a ɗakin ya tuna. Ga yadda ma'anar jawabinsa za ta kasance: «Shekara shida ke nan wance tana tare da mu. Kun tuna ƙarshen watan da kwamfutocin albashi suka tsaya da ƙarfe huɗu na yamma? Ita ta zauna har dare tana haɗa lissafi da hannu, washegari kowa ya ga kuɗinsa, ba ta kuma taɓa tada zancen ba. Abin da ta daɗe tana tadawa shi ne wanda ya ɗauke mata kofin shayinta, kuma har yau ba a kama shi ba. Za mu yi kewarki, kuma waɗanda za ki je wurinsu sun yi sa'a. Ku ɗaga kofunanku: ga wance!»

Jawabin bai kai kalma ɗari ba, amma ya yi abin da ake so. Labarin albashin ya nuna ƙwazo da rashin son a sani ba tare da an ambace su ba. Zancen kofin shayi kuwa zolaya ce, kuma Ingilishi na son ta a irin wannan wuri, domin yabo tsantsa yakan sa su jin nauyi, mai tafiyar ta rasa inda za ta sa idonta. Sharaɗin zolayar shi ne ta zama ƙarama, wadda ita kanta takan yi dariya a kai. Shekaru, aure, jiki, addini da ƙabila ba sa shiga. Wannan ya wuce batun ladabi: dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta haramta cin zarafi a wajen aiki kan irin su shekaru, jinsi, addini da launin fata, kuma kotunan ma'aikata sun sha ɗaukar taron abokan aiki a matsayin ci gaban ofis, ko da a mashaya aka yi shi.

Akwai abubuwa biyu na harshe da ke kada mai jin Turanci sosai ma. Na farko lokacin aikatau ne. Idan aka yi ta bayyana halinta da siffar abin da ya wuce ya ƙare, wato ta kasance mai kirki, ta kasance mai taimako, sai jawabin ya ɗauki muryar ta'aziyya, har wani ya yi ba'a cewa ai ba mutuwa ta yi ba. Labarin da ya faru a ba shi lokacin da ya wuce, halinta kuwa a faɗe shi a matsayin abin da yake nan har yanzu. Na biyu neman gafara. A ban kwanan Hausa kyakkyawar ɗabi'a ce a ce «a yafe mana abin da muka yi miki», domin zo mu zauna zo mu saɓa. In aka juya wannan zuwa Turanci a gaban Ingilishi, sai su fara kallon juna suna tunanin wace rigima aka yi da ba su sani ba. Wanda yake son neman yafiya ya yi shi a keɓe. Haka kuma idan sallamarta aka yi saboda rage ma'aikata, ba a taɓo dalilin tafiya, ba a kuma yi mata murnar sabon wurin da ba ta samu ba tukuna.

Rufewar tana da tsari da ba a canza shi. Mai jawabi ya ce a ɗaga kofuna, ya ɗan dakata har hannuwa su tashi, sannan ya faɗi ƙaramar kalmar nan «tu», ma'ana «ga», ya biyo ta da sunan. Jama'a su maimaita, wasu su ƙara da «ciyas», a kurɓa. Idan ya ƙare da cewa shi ke nan abin da zai faɗa, bai ba su abin maimaitawa ba, sai ɗakin ya yi tsit, kowa na jiran wani ya fara. Bayan sunan ba a ƙara komai. Bisa tsohuwar al'ada wadda ake yi dominta ba ta sha tare da su, takan jira ta yi godiya a taƙaice.

Abin da ke cikin kofin ba dole ne ya zama giya ba. Lemo, ruwa ko shayi duk suna yi, kuma a ofisoshin yau ba wanda ke tambaya. Musulmin da ba ya zama inda ake shan barasa yana iya neman a yi jawabin a ofis lokacin miƙa kati da kyauta, kafin masu zuwa mashaya su wuce.