Katin bashi: yadda biyan mafi ƙarancin kuɗi a wata ke jan bashin Naira 300,000 har kusan shekara bakwai

A Keffi da ke Jihar Nasarawa, masu karɓar albashi ta banki suna da yawa: ma'aikatan Jami'ar Jihar Nasarawa, da na Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, da waɗanda ke sammako kullum su nufi ofisoshinsu a Abuja. Irin waɗannan ma'aikata ne bankuna suka fi tallata wa katin bashi, domin albashinsu yana shiga asusu a kai a kai, kuma bankin yana ganin abin da suke samu.

Katin bashi ya bambanta da katin cirar kuɗi da aka saba da shi. Da katin cirar kuɗi, mutum yana kashe abin da ke asusunsa ne. Da katin bashi kuwa, kuɗin banki yake kashewa har zuwa iyakar da aka yanka masa, sa'annan a ƙarshen wata a aiko masa da takardar bayanin abin da ake bin sa. A takardar akwai adadi biyu da suka fi muhimmanci: jimillar bashin, da wani ƙaramin adadi da ake rubutawa da Turanci da sunan "minimum payment", wato mafi ƙarancin abin da za a biya kafin ranar da aka ajiye.

Wanda ya biya wannan ƙaramin adadi a kan lokaci ya tsira daga tarar jinkiri, kuma banki ba zai lasafta shi cikin masu taurin bashi ba. Sai dai sauran kuɗin da bai biya ba za su ci gaba da tara kuɗin ruwa. A nan ne lissafin yake rikita mutane da yawa.

Yadda ake lissafa adadin

Galibi bankuna suna yanka mafi ƙarancin biyan ne a matsayin wani kaso na jimillar bashin, misali kashi 5 ko kashi 10 cikin ɗari, tare da wani adadi na ƙasa da ba a sauka ƙasa da shi. Kowane banki yana da nasa sharaɗin, kuma yana rubuce a yarjejeniyar da mai katin ya sanya wa hannu.

Abin lura shi ne, tunda kaso ne na bashin, duk lokacin da bashin ya ragu, abin da ake nema a biya shi ma yana raguwa. Ga mai kati wannan yana kama da sauƙi, amma shi ne yake tsawaita bashin. Kuɗin ruwa ne ake fara cirewa daga abin da aka biya, ragowar ce kawai take taɓa uwar kuɗin, kuma ragowar tana ƙanƙancewa wata bayan wata.

Misali daga Keffi

A ɗauka wani ma'aikaci a Keffi ya yi amfani da katinsa ya biya kuɗin makarantar 'ya'yansa da gyaran mota, jimilla Naira 300,000. Domin misali, a ce kuɗin ruwan katin kashi 3 cikin ɗari ne a wata, mafi ƙarancin biya kashi 10 cikin ɗari na jimillar da ke takarda, kuma ba ya sauka ƙasa da Naira 5,000. A kuma ɗauka bai sake sayen komai da katin ba, kuma babu wani caji na daban.

A watan farko kuɗin ruwa Naira 9,000 ne, jimilla ta zama Naira 309,000. Kashi 10 cikin ɗari na wannan shi ne Naira 30,900. Daga ciki Naira 9,000 ta tafi ga kuɗin ruwa, Naira 21,900 ta rage uwar kuɗi, saura Naira 278,100. A wata na biyu kuɗin ruwa ya sauko zuwa Naira 8,343, abin da ake nema ya biya kuma ya sauko zuwa Naira 28,644.

Idan ya ci gaba da bin abin da takarda ta ce, bayan shekara guda za a ci gaba da bin sa kimanin Naira 120,800. Bayan shekara biyu, saura kimanin Naira 48,600. Daga wata na 26 ne adadin ƙasa na Naira 5,000 zai fara aiki, kuma bashin zai ƙare a wata na 36. Shekara uku cif ke nan, kuma jimillar kuɗin ruwan da ya biya za ta kai kimanin Naira 113,000.

Yanzu a sauya abu guda kawai: a ce katin nasa kashi 5 cikin ɗari yake nema. A watan farko zai biya Naira 15,450, wanda ya fi sauƙi ga aljihu. Amma kuɗin ruwa yana nan a Naira 9,000, saboda haka Naira 6,450 kacal ta taɓa uwar kuɗin. A cikin shekarar farko zai biya kusan Naira 165,000, amma bashin zai sauko ne kawai zuwa kimanin Naira 231,000. Ba zai rabu da shi ba sai a wata na 82, wato shekara shida da wata goma, kuma kuɗin ruwan zai kai kimanin Naira 334,000. Ya ci bashin Naira 300,000, ya mayar da fiye da Naira 630,000.

Dalilin wannan bambanci shi ne tazarar da ke tsakanin kason biya da kason kuɗin ruwa. A kati na farko, fiye da kashi 7 cikin ɗari na bashin ne ke zubewa kowane wata. A na biyu kuwa, kashi 2 da ɗan abin da ya ɗora ne kawai. Duk yadda kason biyan ya matso kusa da kason kuɗin ruwa, haka bashin ke daɗa tsawo.

Idan aka tsayar da adadin biya

Mafita mafi sauƙi ba ta buƙatar ƙarin kuɗi a kan abin da mutum ya riga ya iya biya a watan farko. Abin da ake yi shi ne a riƙe wannan adadi, a ƙi bin takarda yayin da take sauke shi.

Idan ma'aikacin nan ya ci gaba da biyan Naira 30,900 kowane wata, bashin zai ƙare a wata na 12, kuma kuɗin ruwa zai tsaya a kimanin Naira 60,000, maimakon wata 36 da Naira 113,000. Idan kuma ƙarfinsa Naira 15,450 ne, ya riƙe ta bai sauka ba, zai gama a wata na 30 da kuɗin ruwa na kimanin Naira 157,000, maimakon wata 82 da Naira 334,000. Ana iya bai wa banki umarnin cire tsayayyen adadi daga asusun albashi a kowane wata, domin kada a dogara da tunawa.

Abubuwan da ke ɓata lissafi

Misalan da ke sama sun ginu ne a kan cewa ba a sake taɓa katin ba. A kati mai neman kashi 5 cikin ɗari, sayayyar Naira 6,450 a watan farko ta isa ta shafe duk ragin da aka samu, bashin ya koma inda ya faro.

Haka kuma, kwanakin rangwame da ake tallata katin da su, waɗanda ba a cajin kuɗin ruwa a cikinsu, galibi suna aiki ne ga wanda ya biya jimillar bashinsa gaba ɗaya. Wanda ya bar saura yakan rasa wannan rangwame. Cire tsabar kuɗi daga na'urar banki da katin bashi kuma yakan zo da cajinsa na daban, kuma a katuna da yawa kuɗin ruwansa yana fara hawa tun daga ranar da aka cire.

Akwai kuma yadda ake faɗin kuɗin ruwan. Kashi 3 cikin ɗari a wata yana da daɗin ji, amma kashi 36 ne a shekara, kuma idan aka bar ruwan yana hawa kan ruwa zai kai kimanin kashi 42.6. Bashi a Najeriya yana da tsada tun daga tushe: a watan Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa zuwa kashi 27.5 cikin ɗari, kuma bashin da ba shi da jingina irin na kati yakan fi sauran tsada.

Mai kati zai iya gane ko ya faɗa wannan tarko ta hanyar ɗauko takardun wata uku ko huɗu a jere. Ya haɗa abin da ya biya, ya haɗa kuɗin ruwa da caje-cajen da aka ɗora. Idan kuɗin ruwa da caji sun cinye fiye da rabin abin da ya biya, to yawancin kuɗinsa ba sa rage bashin.

Abin da doka ta tanada

Wasu ƙasashe sun ga illar wannan tsari har suka yi masa doka. A Amurka, dokar katin bashi ta 2009 ta wajabta wa bankuna su rubuta a takardar wata tsawon lokacin da bashi zai ɗauka idan mafi ƙaranci kawai ake biya, da jimillar abin da za a kashe, da kuma adadin da zai gama bashin cikin wata 36. A Birtaniya, tun daga 2018 hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi ta wajabta wa masu bayar da kati su tuntuɓi duk wanda ya shafe wata 18 yana biyan kuɗin ruwa da caji fiye da abin da yake ragewa daga uwar kuɗi.

A Najeriya, ƙa'idojin kare masu hulɗa da bankuna da Babban Banki ya fitar a 2019 sun ɗora wa bankuna nauyin bayyana kuɗin ruwa da caje-caje kafin a ƙulla yarjejeniya. Mai ƙorafi yana fara kai kukansa ga bankinsa ne, idan ba a warware ba ya ɗaukaka shi zuwa sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin.

Kasa biyan ko da mafi ƙarancin kuwa yana da nasa sakamako. A ƙarƙashin dokar bayar da rahoton bashi ta 2017, tarihin biyan mutum yana shiga kundin kamfanonin tattara bayanan masu bashi, inda sauran bankuna ke dubawa kafin su ba shi rance. Tun daga watan Agustan 2020 kuma akwai tsarin GSI na Babban Banki, wanda ya ba banki damar karɓo bashin da aka kasa biya daga asusun mai bashin a wasu bankuna ta hanyar lambarsa ta BVN, bisa izinin da ya sanya wa hannu lokacin karɓar bashin.

Saboda haka, kafin ma'aikaci ya karɓi katin bashi, akwai abubuwa uku da ya kamata ya nema a rubuce: kuɗin ruwa a wata, kason mafi ƙarancin biya, da adadin ƙasa da ba a sauka ƙasa da shi. Da waɗannan ukun zai iya yin irin lissafin da ke sama da kansa, ya san watan da bashin zai ƙare tun kafin ya kashe Naira ta farko.