Sau Nawa Hannayen Agogo Ke Haɗuwa A Yini?

Wata rana da dare bayan an tashi daga karatu, gardama ta kaure a ɗakin kwananmu. Wani ɗan aji biyar ne ya ɗaga agogonsa na hannu ya ce, "Wa zai gaya mini sau nawa dogon hannu yake hawa kan gajere cikin awa 24?" Ban ko tsaya tunani ba na ce sau 24. Dalilina shi ne dogon hannu yana kewaya fuskar agogo sau ɗaya a kowace awa, don haka tilas ya tarar da gajeren sau ɗaya a kowace awa. Ya ce na kuskure, na ce ban kuskure ba. Muka yi alkawari duk wanda aka kayar zai ɗebo wa ɗan'uwansa ruwan wanka har mako guda. To, jama'a, ni ne na yi makon nan ina jigilar bokiti, domin amsar ita ce sau 22. Ga yadda abin yake, don kada wani ya faɗa ramin da na faɗa.

Kuskurena shi ne na ɗauka gajeren hannu yana tsaye wuri ɗaya yana jira. Alhali kuwa shi ma tafiya yake yi, sai dai a hankali. Dubi fuskar agogo, za ka ga an raba ta da ƙananan ɗigo 60. Cikin awa ɗaya dogon hannu yana cinye ɗigo 60 ɗin nan duka. Gajeren kuwa yana tashi daga wannan lamba zuwa ta gaba, wato ɗigo 5 ke nan. Ashe a kowace awa dogon hannu ba ɗigo 60 yake tsere wa gajere da su ba, ɗigo 55 ne kawai. Wannan lamba 55 ita ce mabuɗin dukan lissafin.

Mu ɗauke su kamar 'yan tsere biyu a filin wasanni. Da ƙarfe 12 daidai suna tare, sai aka busa usur. Kafin mai gudu ya sake cim ma mai tafiyar hawainiya, sai ya yi masa zarar kewaye guda cur, wato ɗigo 60. Tun da ɗigo 55 yake samu a awa, awa ɗaya ba za ta ishe shi ba. Da ƙarfe 1 ya dawo kan 12, amma abokin tserensa ya riga ya matsa zuwa kan 1. Ya bi shi can cikin minti 5, ya tarar ya ƙara gusawa kaɗan. Idan muka yi lissafi, 60 sau 60 a raba da 55, za mu sami minti 65 da kashi 5 cikin 11 na minti. Wato hannayen suna haɗuwa ne bayan kowace awa 1 da minti 5 da kimanin sakan 27.

Yanzu sai a ƙirga. Cikin awa 12 dogon hannu ya yi kewaye 12, gajere ya yi kewaye 1. Zarar da aka yi masa ita ce 12 a ɗebe 1, saura 11. Saboda haka sun haɗu sau 11 a rabin yini, sau 22 a dare da rana.

Mai karatu zai so ya san yadda ake gano ainihin lokacin kowace haɗuwa. Bari mu gwada da ƙarfe 3. Da ƙarfe 3 daidai dogon hannu yana kan 12, gajere yana kan 3, tsakaninsu ɗigo 15. Yawancin mutane za su ce za a haɗu da ƙarfe 3 da kwata. Amma duba agogonka a lokacin: dogon hannu yana kan 3 sosai, gajere kuwa ya wuce ta da ɗigo ɗaya da 'yan kai. Hanyar gaskiya ita ce mu tambaya, in ana rage tazarar ɗigo 55 cikin minti 60, minti nawa ake bukata a rage ɗigo 15? Sai mu ce 15 sau 60, ya ba mu 900. A raba 900 da 55, a sami 16, saura 20. Wannan saura daidai yake da kashi 4 cikin 11 na minti, kimanin sakan 22. Haɗuwar ke nan tana zuwa da ƙarfe 3 da minti 16 da sakan 22.

Da wannan hanya za ka iya fitar da sauran. Ta bayan ƙarfe 6 tana faɗawa a minti 32 da sakan 44, ta bayan ƙarfe 10 kuma a minti 54 da sakan 33. Ka lura, kowace haɗuwa tana ƙara jinkiri a cikin awarta fiye da wadda ta gabace ta. To, me zai faru da ƙarfe 11? Tazarar ɗigo 55 ce, kuma rage ɗigo 55 yana cin minti 60 cif. Kafin dogon hannu ya kamo gajere, ƙarfe 12 ta buga. Ga inda haɗuwata ta ɓace. Tsakanin 11 da 12 babu wata haɗuwa sai wadda ta zo a kan 12 ɗin kanta. Haka ke faruwa da rana, haka da dare, shi ya sa 24 ta koma 22.

Akwai wani tarko kuma a wajen ƙirga. Wanda ya fara daga 12 na dare, ya ƙirga ta, ya kuma ƙirga 12 na daren gobe, zai sami 23. Amma ta ƙarshen nan ta sabuwar rana ce, ba a ƙirga ta sau biyu.

Wanda ya gane wannan ya huta da sauran tambayoyi masu kama da ita. Hannayen suna miƙewa su ba juna baya, kamar yadda suke yi da ƙarfe 6, sau ɗaya a kowace zara, wato sau 22. Suna yin kusurwa irin ta lungun littafi, kamar da ƙarfe 3 ko ƙarfe 9, sau biyu a kowace zara, wato sau 44.

Lissafin nan yana iya tona asirin agogo ma. A ce ka auna da wani agogo mai gaskiya, ka ga hannayen naka suna haɗuwa bayan kowane minti 65 daidai, ba ƙari. Kada ka yi murna. Agogonka ya yi tafiyar minti 65 da kashi 5 cikin 11 a lokacin da minti 65 kaɗai ya wuce, wato yana gaggawa. Cikin yini guda zai yi gaba da minti 10 da 'yan sakan, ka riƙa isa ɗakin cin abinci tun ba a buga ƙararrawa ba.

Ga tawa tambayar gare ku: da wane lokaci hannayen za su haɗu tsakanin ƙarfe 8 da ƙarfe 9? Ku fara da ƙirga ɗigon da ke tsakaninsu da ƙarfe 8 daidai. In amsarku ta fito minti 40 cif, to ku nemi bokiti.