"Na taimaka" ba ya samo aiki

Ƙanwata ta yi wata 3 tana koyon aiki a wani kantin magani a Maraɗi. A takardar tarihin karatu da aikinta sai ta rubuta: "Na taimaka a ɗakin ajiya."

Na ce, "Ke, taimakon me? Har nawa?"

Muka buɗe littafinta na ƙidaya, muka gyara layin: "Na ƙidaya magunguna iri 240, na ware 18 da wa'adinsu ya kusa cika, na rage ƙidayar wata daga kwana 3 zuwa 1."

Kowane zance ya fara da abin da hannunta ya yi, adadi na biye.

Ta so ta mai da 240 ɗin 500, na hana. Ranar ganawa za a tambaye ta, ana kuma iya kiran mai kantin.