Littafin Kayan Ƙungiya Ya Raba Mu Da Rigima

Bayan Babbar Sallah muka buɗe ɗakin ajiyar ƙungiyarmu a zangon Kumasi, muka ƙirga kujerun roba. Guda 120 muka saya, 97 muka tarar. Ba sata aka yi ba. Daga gidan suna ake wucewa da su gidan biki, daga can sai gidan rasuwa, ba su taɓa dawowa ɗaki an ƙirga ba.

Dalilin buɗe littafi ke nan. Kowace kujera an sa mata lamba da fenti a ƙarƙashinta, kowane kaya kuma yana da mai riƙo guda ɗaya: kujeru da rumfuna a hannun ma'aji, manyan tukwane uku a hannun magajiya, janareta a hannun wani matashinmu makanike. Aro kwana uku ne, kuma mai aro ba ya miƙa wa wani, ko da ɗan'uwansa ne. In rasuwa ta haɗu da biki, gidan rasuwa ake fara ba.

Abin da ya fi yi mana amfani shi ne rubuta halin kaya kafin su fita. Tukunya sai an cika ta da ruwa an ga ko tana yoyo, janareta sai an duba man injinsa an tayar da shi gaban mai aro. Kwanan baya wata tukunya ta dawo da tsaga a baki, har an fara cewa uwar amarya ta biya. Magajiya ta buɗe shafin, sai ga tsagar a rubuce tun ranar fita, da sa hannun su biyu.